Me Ya Sa Imel Ɗin Ofis Ke Cika Allo Amma Ba Ya Faɗin Abin Da Za A Yi?

Me ya sa mutum zai karanta imel daga kamfani har sau biyu, babu kalma ɗaya da ta shige masa duhu, amma a ƙarshe sai ya ɗauki waya ya kira yana tambaya, "To yanzu me ake so in yi?" Wannan ƙorafi ne da ake yawan ji a bakin 'yan kasuwa da 'yan kwangila, har da ma'aikatan da ke karɓar umarni daga hedikwata. Idan aka zo neman dalili, wasu sukan ce saƙon ya yi tsawo, a rage shi kawai. Wasu kuma sukan kare shi, su ce ai haka rubutun ofis yake, nauyinsa shi ne mutuncinsa, duk wanda ya rubuta magana kai tsaye ya nuna bai goge ba.

A ganina duk ɓangarorin biyu sun kauce wa inda ciwon yake. Akwai gajeren saƙo mai layi biyu da ba ya cewa komai, akwai kuma mai layi goma da ake karantawa sau ɗaya a tashi a yi aiki. Bambancinsu yana wurin aikatau. A saƙon da ke rikita mutane, an ɗauki kalmar aiki an mayar da ita suna, sai mai aikin da lokacin aikin suka ɓace tare da ita.

## Mene ne mayar da aikatau suna?

Aikatau ita ce kalmar da ke faɗin abin da aka yi: biya, aika, duba, bincika, amince, soke. Kowace daga cikinsu tana da suna da ke tafiya da ita: biya ko biyan kuɗi, aikawa, dubawa, bincike, amincewa, sokewa. Babu laifi a waɗannan sunaye, harshe ba ya tafiya sai da su. Laifin yana farawa ne lokacin da marubuci ya ɗora ainihin aikin jimlarsa a kan sunan, sannan ya nemo wata aikatau marar nauyi ya kafa a gaba don jimlar ta tsaya da ƙafarta.

Dubi waɗannan biyun. "Mun binciki asusunka." Da kuma, "An gudanar da bincike a kan asusunka." Aikin ɗaya ne, wato bincikawa. A ta farko yana zaune a inda ya kamata. A ta biyu an tura shi baya, an ba "gudanar da" kujerarsa, alhali "gudanar da" ba ta ƙara ko ƙwayar bayani ba. Irin waɗannan aikatau na cike gurbi ba su da yawa, kuma duk mai karanta wasiƙun ofis ya san su: gudanar da, aiwatar da, samar da, tabbatar da, gabatar da, bayar da, sai kuma "yi" a wasu wurare. "Mun gabatar da buƙatar samun ƙarin lokaci" ba ta wuce "muna roƙon ƙarin lokaci" ba. "An bayar da amincewa" ba ta wuce "manaja ya amince" ba, sai dai ta biyun ta faɗi wanda ya amince.

Cutar ba ta Hausa kaɗai ba ce. Mai rubuta imel da Ingilishi a Kano ko Abuja, da mai rubutawa da Faransanci a Maraɗi ko Yamai, duk suna fama da ita, kuma a harsunan nan biyu ana saurin gane ta daga wutsiyar kalma, musamman masu ƙarewa da -tion da -ment. Jagororin rubutu mai sauƙi na gwamnatin Amurka ma sun ware mata gargaɗi na musamman, suna kiranta ɓoyayyiyar aikatau. Zan tsaya kan misalan Hausa, domin a Hausa asarar ta fi fitowa fili, amma gyaran iri ɗaya ne a duk harshen da mutum yake aiki da shi.

## Abin da ke salwanta idan aikatau ta koma suna

A Hausa aikatau ba ta tafiya ita kaɗai. Kafin ka furta "biya" a cikakkiyar jimla, sai ka sa mata wata 'yar kalma a gaba: mun biya, za mu biya, muna biya, mukan biya, ba mu biya ba. Wannan 'yar kalmar tana ɗauke da abu biyu a lokaci guda, wato wanda ya yi aikin da kuma matsayin aikin, ko ya wuce, ko ana cikinsa, ko yana tafe. Harshen da kansa ne yake tilasta maka ka faɗi su. Ba za ka iya cewa "mun" ba tare da ka ɗauki alhaki ba, ba kuma za ka iya cewa "za mu" ba tare da ka yi alkawari ba.

To yanzu cire ta, ka rubuta "biyan kuɗin". Wa zai biya? An biya ne, ko ana shirin biya, ko an fasa? Sunan bai ce komai ba. Jimla irin "batun biyan kuɗin yana kan hanya" za ta iya fitowa daga ofishin da ya riga ya sa hannu a takarda, za ta kuma iya fitowa daga ofishin da ko fayil ɗin bai buɗe ba. Ɗan kwangilar da ya karanta ba shi da hanyar bambancewa, shi kuwa da wannan amsar zai je ya fuskanci leburorinsa da mai siminti.

Akwai asara ta biyu da ba a cika lura da ita ba. Aikatau ta Hausa tana sauya ƙarshenta don nuna inda aiki ya nufa da iyakar da ya kai. "Aika" daban, "aiko" daban. "Tura" tana fita daga wurinka, "turo" tana zuwa wurinka. "Kai" da "kawo" haka suke. Idan na rubuta "ka turo rasit", na gama faɗin inda rasit zai je. Idan na rubuta "akwai buƙatar musayar takardu", ban faɗi wanda zai fara miƙa wa wani ba, sai kowa ya zauna yana jiran ɗan'uwansa. Kalmar "jigila" ma haka take, ba ta nuna ko mu za mu kai ko ku za ku zo ku ɗauka. Haka nan "na karanta takardun" da "na karance takardun" ba ɗaya ba ne, ta biyun tana cewa babu shafin da ya rage. "Mun kwashe kayan" tana nufin sito ya zama fayau. "An yi aikin kwasar kaya" kuwa za ta iya nufin buhu goma cikin ɗari. Wannan kaifin yana cikin harshen kyauta, marubucin ofis ne yake zubar da shi da hannunsa.

## Daga ina wannan salo ya fito?

Ba daga bakin mutane ya fito ba. Babu ɗan kasuwar da zai tsaya a Kwari ko Dawanau ya ce wa abokin cinikinsa, "Ina fatan aiwatar da biyan kuɗi." Cewa zai yi, "Gobe zan biya ka." Salon ya shigo ne ta takarda. Wasiƙun hukuma da na kamfanoni a Najeriya da Ingilishi ake rubuta su tun zamanin Turawa, kuma Ingilishin ofis na wancan lokaci cike yake da sunaye masu nauyi. Akawu ya koya daga wanda ya gada, ya koya wa na bayansa. Da aka zo fassara sanarwa da labarai zuwa Hausa cikin gaggawa, sai aka riƙa bin ginin jimlar Ingilishi ana zuba mata kalmomin Hausa. Kunnenmu ya sha jin "gudanar da" da "aiwatar da" a rediyo har muka ɗauka ita ce Hausar manya.

Amma gado kaɗai ba zai raya ɗabi'a ba in ba ta da amfani ga mai yin ta. Tana da amfani iri biyu. Na farko kariya. Ma'aikacin da ya rubuta "an samu kuskure wajen lissafi" bai yi ƙarya ba, bai kuma ce shi ya yi ba. Na biyu, wanda ya fi yawa a ganina, rufe jahilci ne. Sau da yawa mai rubutun bai san wanda zai yi aikin ba, bai san ranar ba, shugabansa bai gaya masa ba, ga shi kuma an ce ya ba da amsa yau. Suna yana ba shi damar rubuta jimla mai kama da amsa ba tare da ya san amsar ba. Aikatau ba ta ba da wannan dama.

## Saƙo ɗaya, a warware shi jimla-jimla

Mu ɗauki misali. Wani kamfanin shinkafa a Kano ya karɓi odar buhu 200 daga wani ɗan kasuwa a Gusau. Ɗan kasuwar ya biya rabin kuɗi, an yi masa alkawarin lodi ranar Litinin. Litinin ta wuce shiru, sai ya rubuto yana tambaya. Ga amsar da jami'in ciniki ya tsara:

"Assalamu alaikum. Dangane da batun jinkirin isowar kaya, muna sanar da ku cewa ana ci gaba da gudanar da bincike domin samar da mafita. Kammala biyan ragowar kuɗi zai taimaka wajen tabbatar da aiwatar da jigila cikin lokaci. Muna fatan samun fahimtarku da haɗin kanku."

Babu kuskuren nahawu a ciki, babu rashin ladabi. Amma sa kanka a matsayin mutumin Gusau. Kuɗinsa na hannun mutane, shagonsa ya fara yin fayau, masu sari suna tambayarsa. Abu uku yake son sani: me ya faru, yaushe kaya za su zo, me ya rage a kansa. Saƙon bai amsa ko ɗaya ba. Abin da ya fi muni, jimla ta biyu tana iya sa ya zargi cewa ana riƙe kayansa ne don a tatsi ragowar kuɗi, alhali ba shi ya saɓa alkawari ba.

Fara da "jinkirin isowar kaya". Sunaye uku ne a jere, kowanne ya rataya a wuyan na gabansa. Tambayi kanka, wane aiki ne ba a yi ba, kuma wa bai yi shi ba? Amsar ita ce ba mu loda kayan ba. Da ka rubuta "ba mu loda ba", jimlar da kanta za ta nemi "saboda", domin ba a faɗin irin wannan magana a tsaya. Nan jami'in zai tashi ya tambayi mai kula da sito, ya ji cewa motar da aka yi haya ce ta lalace kafin ta iso.

Sai "ana ci gaba da gudanar da bincike domin samar da mafita". Aikatau biyu ne a binne, bincika da warware. Gwada: wa yake bincikawa, me yake bincikawa? Sai ka tarar babu wani bincike. An san abin da ya faru tun ranar Litinin, abin da ake yi shi ne neman wata mota. Wannan shi ne babban amfanin gyaran, kuma ya wuce batun kyan jimla. Idan ka nemi mai aiki ka rasa, ko dai jimlar ba gaskiya ba ce, ko kuma akwai aikin da babu wanda ya ɗauka. A misalinmu jami'in ya kira mai kula da motoci, aka ce masa an samu mota, za ta zo Alhamis da safe. Da bai nemi aikatau ba, da bai yi wannan kiran ba.

Jimla ta biyu ta fi kowacce cunkoso: kammala, biya, tabbatar, aiwatar, jigila, duk a numfashi ɗaya. A ƙarƙashinsu akwai roƙo ɗaya da sharaɗi ɗaya. Roƙon shi ne ka turo ragowar kuɗin. Sharaɗin shi ne ba ma fitar da kaya sai an biya duka. "Zai taimaka" kuwa ta ɓata maganar gaba ɗaya, domin ta mayar da sharaɗi kamar shawara. Mutumin zai iya ɗauka ko bai biya ba kaya za su taso, sai Alhamis ta zo a ce masa ba haka ba ne, rigima ta tashi a kan abin da saƙon ya ƙi faɗa. "Cikin lokaci" ma ba lokaci ba ne. Aikatau mai "za mu" tana neman rana, don haka a ba ta rana.

Ta ƙarshe, "samun fahimtarku da haɗin kanku", ita ce inda ake so a ba da haƙuri amma aka kewaye. Kalmomi uku sun wadatar, ka yi haƙuri. Ga saƙon bayan gyara:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa? Ba mu loda shinkafarka ranar Litinin ba kamar yadda muka yi alkawari, saboda motar da muka yi haya ta lalace kafin ta iso sito. Ka yi haƙuri. Mun samu wata motar. Za mu loda buhu 200 ɗin ranar Alhamis da safe, direba ya kai maka su Gusau. Don Allah ka turo ragowar kuɗin kafin azahar ɗin Laraba, domin ba ma fitar da kaya daga sito sai an biya duka. Da zarar motar ta tashi zan tura maka lambar direban."

Lura da cewa na biyun ya fi na farko tsawo. Wannan ya isa ya rushe tunanin cewa gyaran rubutu rage kalmomi ne kawai. Jimla ɗaya-ɗaya takan gajarta idan aka tono aikatau, amma saƙon gaba ɗaya yakan ƙaru, domin guraben da sunaye suka rufe sun buɗe, dole a cike su da dalili da rana da adadi. Ma'aunin shi ne ko mutumin Gusau zai sake kiran waya don neman bayani. Da saƙo na biyu, in ya kira, to ciniki zai yi a kan ranar biya, ba tambayar ma'ana ba.

## Yadda za ka gane a rubutunka

Kada ka yi wannan aiki yayin da kake rubutawa, zai tsayar maka da tunani. Rubuta saƙon yadda ya zo, sannan ka dawo kansa kafin ka aika. Fara da neman aikatau na cike gurbin nan. Duk inda ka ga "gudanar da" ko "aiwatar da" ko "samar da", dubi kalmar da ke biye. Idan tana da aikatau tata, to ita ce mai kujerar. "Gudanar da tantancewa" ta koma "tantance", "aiwatar da gyara" ta koma "gyara". Idan kuwa abin da ke biye abu ne da ake taɓawa, kamar "samar da janareta", ka tambayi kanka ko saya za a yi, ko haya, ko aro, domin "samar da" tana rufe duka ukun, kuma kuɗinsu ba ɗaya ba ne.

Alama ta biyu ita ce sarƙar sunaye masu ƙarewa da -n da -r. "Batun jinkirin kammala aikin tantancewar takardun" irin sarƙar da mai karatu zai kai ƙarshenta ya manta farkonta. Biyu a jere ba komai, uku kuwa ka tsaya ka duba. Kalmomi irin su "dangane da", "wajen", "ta fuskar" da "batun" sukan zama ƙofar shiga irin wannan sarƙa.

Bayan ka gano wurin, yi wa jimlar tambayar da mai karɓa zai yi: wa zai yi me, yaushe? Sa mai aikin a gaba, aikatau ta bi shi, sai abin da aikin ya faɗa a kai, sai lokaci. In ka kasa cike ɗaya daga ciki, kada ka koma ka lulluɓe shi da suna. Ko ka je ka tambayo, ko ka faɗi gaskiyar da aikatau: "Ban samu ranar lodi ba tukuna, zan tambayi manajan sito in gaya maka kafin la'asar." Wannan jimla ta amsa cewa ba a sani ba, amma ta ba mutum abin riƙewa. Daga ƙarshe karanta saƙon a fili, kamar mutumin na zaune gabanka a kan benci. Abin da bakinka ya ƙi faɗa masa ido da ido, yatsunka ma su bar shi.

## Masu cewa a bar salon yadda yake

Suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Ta farko ladabi. A al'adarmu ƙarami ba ya ce wa babba "ka yi kaza" gatsau, kuma ma'aikacin da zai rubuta wa shugabansa ko babban abokin ciniki yana jin nauyin haka. Gaskiya ne. Sai dai Hausa ta riga ta tanadi hanyoyin girmamawa da ba sa kashe aikatau. Akwai gaisuwa, akwai "don Allah", akwai "ranka ya daɗe", akwai "ku" a maimakon "ka", akwai kuma "a" ta ladabi. "Ranka ya daɗe, don Allah a sa hannu a takardar kafin Juma'a" ta cika ladabi, kuma babu shakkar wanda ake nufi tunda an kira shi. Kwatanta ta da "akwai buƙatar samun sa hannu a takardar", wadda ba ta girmama kowa ba, ta dai ɓoye roƙon ne har mai girman zai iya wucewa bai san da shi ake ba.

A nan ne ya kamata a bambance "a" biyu. Wadda ake faɗa wa mutum sananne don kunya daban take da "an" ko "za a" da ake fakewa a bayanta. Idan imel ya tafi wa mutum shida aka rubuta "za a tura rahoton gobe", kowanne cikin shidan zai ɗauka ɗayan ne zai tura. Mayar da suna aikatau bai wadatar ba in aka bar ta da "za a". Sai an ce "Zan tura", ko a kira sunan wanda zai tura.

Hujja ta biyu ta masu tsoron shari'a ce, cewa "mun yi kuskure" amsa laifi ne a rubuce. Akwai wuraren da wannan ke da tushe. Idan magana ta kai ga taƙaddama kan kwangila ko diyya, kuma ba a tabbatar da mai laifi ba, kada ƙaramin ma'aikaci ya yanke hukunci a imel, ya bar wa lauyan kamfani. Ko a nan ma ana iya faɗin abin da aka sani da aikatau: "Mun karɓi ƙorafinka ranar Talata, mun miƙa wa sashen shari'a, za su amsa maka." Amma mafi yawan saƙonnin yau da kullum ba su kai nan ba. Mota ce ta lalace, rasit ne aka manta, taro ne aka ɗage. Yi musu rubutun kotu ba ya kare kowa, sai dai ya sa abokin ciniki ya fara zargin akwai abin da ake ɓoye masa.

Akwai kuma inda sunan ne daidai, kuma mai gyara da ya wuce gona da iri zai ɓata rubutu. Kan saƙo, wato layin da ake gani kafin a buɗe, suna yake so: "Ragowar kuɗin shinkafa, odar Gusau". Kalmomin sana'a irin su kwangila, ajiya, bashi, haraji, oda da lamuni sunaye ne na abubuwa sanannu, ba aikatau aka binne ba. Idan ka riga ka faɗi aiki, kana iya waiwayarsa da suna: "Mun ɗage taron zuwa Asabar. Ɗagewar ba za ta shafi ranar biya ba." Sannan Hausa tana da ayyuka da dama da "yi" ce hanyarsu ta asali, kamar yi magana, yi aiki, yi ciniki, yi haƙuri. Waɗannan ba cuta ba ne, haka ake faɗinsu a gida da kasuwa. Haka "muna jira" da "muna dubawa", ginin lokaci mai ci ne, mai aikin yana nan tsaye a gaba. Abin nema ba kawar da sunaye ba ne, a tabbata dai ainihin aikin jimla yana da mai shi.

## Wa abin yake shafa?

Mai rubutun ba ya jin ciwon, mai karɓa ne yake ji. Shi ne yake kashe katin waya don neman fassarar saƙon da aka rubuta da harshensa. Shi ne yake hawa mota zuwa ofis da takardu biyu alhali uku ake so, domin an rubuta "gabatar da takardun da suka dace" maimakon "ka kawo katin shaida da rasit da hoto biyu". Da yawa kuma a waya suke karanta imel, a tsaye, cikin hayaniyar kasuwa, wasu ma wani ne yake karanta musu ya fassara. Jimlar da mai aikinta ke gaba tana tsira daga wannan duka. Sarƙar sunaye kuwa a bakin mai fassara take tsinkewa, ya faɗi abin da ya zata.

Wasu ƙasashe sun ɗauki abin da muhimmanci har ya wuce shawara. A Birtaniya, a 1979, Chrissie Maher ta yayyaga takardun cikewa na gwamnati a dandalin da ke gaban majalisar dokoki a Landan, daga nan ƙungiyar fafutukar Ingilishi mai sauƙi ta kafu. A Amurka, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar rubutu mai sauƙi a watan Oktoban 2010, wadda ta wajabta wa hukumomin tarayya su rubuta wa jama'a abin da za su gane. A 2023 kuma hukumar ma'aunai ta duniya ta fitar da ma'auni mai lamba ISO 24495-1 kan harshe mai sauƙi, wanda aka tsara don ya yi aiki a harsuna daban-daban. Dokar ta Amurka hukumomin gwamnati ta ɗaure, ba ta shafi imel ɗin 'yan kasuwa ba, ma'aunin kuma na ganin dama ne.

Saboda haka a kamfani abin yana hannun wanda ke duba saƙonni kafin su fita. Idan manaja ya ci gaba da mayar wa ƙaramin ma'aikaci da "ba mu loda ba" yana cewa a sa "an samu jinkiri", ma'aikacin zai koyi darasin cikin mako guda, ba zai sake sa "mun" a takarda ba. Idan kuwa manajan ya riƙa mayar da saƙo da tambaya ɗaya a gefe, "wa zai yi, yaushe?", to ma'aikacin zai fara zuwa sito ya tambayo kafin ya zauna rubutu. Wuri mafi sauƙin farawa shi ne saƙonnin da aka riga aka tsara ake kwafa kullum, na tunatar da biya, na ba da haƙurin jinkiri, na amsa ƙorafi. Su ne suka fi fita, su ne kuma sabon ma'aikaci yake koyon salon gidan daga gare su a makonsa na farko.